Man Habbatussauda da Ƙafar Inna

A gidanmu na Suleja, tun ina yarinya kwalbar man habbatussauda ba ta yankewa. Mura, a shafa a ƙirji. Ciwon gwiwa, a murza. Ni ma da shi aka raine ni, don haka kada wani ya ce min ban san darajarsa ba.

Inna, mahaifiyata, ta shekara shida da ciwon suga. Wata Asabar na dawo daga wurin aikina a Abuja, ina gyara mata gado, sai na ci karo da ƙwayoyinta na asibiti a ƙarƙashin katifa, ko ɓarewa ba a yi ba. Ga kuma wani gyambo a ƙaramin yatsan ƙafarta ya yi baƙi. Ashe Gwaggo, yayar mahaifina da ke Madalla, ita ta ce ta ajiye ƙwayar, ta riƙa shan man kullum da safe a cikin zuma cokali uku. Zuma fa, ga mai suga!

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Da Gwaggo ta zo da yamma ko gaisuwar kirki ban yi mata ba.

"Ke 'yar nan, boko ya cinye miki imani," in ji ta. "Abin da hadisi ya yaba za ki raina?"

"Gwaggo, ban raina ba. Amma ina aka ce a zubar da maganin likita?"

Na faɗa mata abin da na karanta tun farkon ciwon Inna. An gwada man a kan mutane, an ga yakan ɗan rage suga da hawan jini. Ɗan ragewa ne, a gwaje-gwaje ƙanana na 'yan watanni, kuma akasari masu sugan suna ci gaba da shan ƙwayarsu. Babu binciken da ya nuna yana warkar da ciwon. Ta taɓe baki ta ce Turawa ba za su taɓa yabon namu ba. Na ce yawancin masu binciken ma Musulmi ne 'yan'uwanta.

A daren ba mu kwana gida ba, asibiti na kai Inna. Likita ya ce ƙafar za ta tsira, yatsan ne ba zai tsira ba. Man kuma ya ce ta iya shan kaɗan, ban da zuma, a riƙa auna sugan don kada ya haɗu da ƙwayar ya faɗi da yawa.

Har yau a wurin biki Gwaggo takan ce habbatussauda ce ta ceci ƙafar. Ni kuma nakan gyara mata zancen a gaban kowa, ana zungurina ina ƙarawa. Su kira ni mara kunya. Ba su ba ne ke zama kowace yamma suna shafa wa Inna man a gwiwa, idonsu yana sauka a kan yatsu huɗu.