Tukunyar da Dole Ta Yi Kuka

Aikina na farko a kamfanin da ya ɗauke ni a Alƙahira shi ne tsara tukwanen ɗumama wani tsohon gini a Zamalek. Maigidana ya faɗa min ba ɓoye-ɓoye: in mai ginin ya ƙi karɓar aikin, ba zai sa hannu a sabunta min iƙama ba. Wato in koma Kano da jakata.

Tukwanen na zamani ne, masu tatsar zafi har daga tururin da ke cikin hayaƙi. Sharaɗinsu ɗaya: ruwan da ke dawowa daga ɗakuna ya sauka ƙasa da digiri hamsin da biyar, sannan tururin ya koma ruwa ya ɗiga. Na sa ƙanana uku maimakon ƙatuwa ɗaya, kowacce tana iya rage wutarta, don sanyin Masar ba ya da alƙibla, kuma ƙatuwa sai ta yi ta kunnuwa tana mutuwa. Tsohon bututun hayaƙi na bulo kuwa na ƙi shi. Ya yi faɗi, hayaƙi mai sanyi ba ya da ƙarfin hawa, ga ruwansa mai tsami yana cin siminti. Na zura siriri na ƙarfen da ba ya tsatsa, fanka na turawa.

Mai haɗa bututun wani dattijo ne, Usta muke ce masa. Yana kirana bashmuhandis, wato babban injiniya, da muryar da ake kiran kyanwa.

Ana gobe za a karɓi aiki na kunna wuta, na ajiye bokiti a bakin magudana. Awa biyu, ko ɗigo. Ruwa na dawowa da digiri sittin da biyar! Na bi bututu ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani guntu da babu shi a zanena, yana juye ruwan zafi kai tsaye cikin na dawowa.

Usta ko kunya. Ya ce shi ya ƙara guntun, wai rufa min asiri ya yi. Tukwanen da ya sani, in ruwa ya dawo da sanyi sai su yi gumi tsatsa ta cinye su, an taɓa korarsa ma a kan haka. Na tashi zazzaga masa masifa, sai tausayi ya kama ni. Na ce, "Baba, wannan in ba ta yi kuka ba, ni zan yi."

Ya rufe bawul ɗin guntun yana ƙunƙuni. Allurar ma'aunin zafi ta sauko arba'in da biyar, bokiti ya fara amsawa.

Washegari mai ginin ya ga ruwa na tsiyaya, ya hau faɗa wai an sayar masa da tukunya mai yoyo. Larabcina ya gudu ya bar ni. Usta ne ya sha gabana.

"Ma'alish ya basha," in ji shi, wato yi haƙuri ranka ya daɗe. "Shekara talatin ina yaƙi da ruwan nan. Yaron nan da gangan ya kawo shi, kuma shi ke da gaskiya. Sa hannu."

Ya sa. Ni kuwa na juya baya ina ta duba ma'aunin da ba ya bukatar dubawa.