Mun Gane, Baba

Shekara talatin da biyar Malam Hodi ya yi yana malamin gona a fadamar Zauro, kuma abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: bai taɓa gama bayani wani manomi ya ɗaga hannu ba. Zai tsaya bakin kunya da hularsa ta malafa ya yi awa biyu kan tazarar dashen shinkafa, sannan ya ce, "Akwai tambaya?" Sai jama'a su amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam." In damina ta zo kowa ya dasa yadda kakansa ya dasa. Malam Hodi ya ɗora wannan kan taurin kan manoma, bai taɓa kawo komai a ransa ba.

Da ya yi ritaya ya dawo gidansa na unguwar Badariya a Birnin Kebbi, bakin bai yi ritaya ba. Bayan ya gaji da yi wa masu shago bayanin taki, sai ya yanko kwali ya ƙirƙiro wasa, ya sa masa suna Fadama. Mutum biyu zuwa huɗu ke yi. Kowa na da ɗa guda, a jefa dayis irin na ludo a zagaya allo, ana tsintar buhunan shinkafa a gidajen gona. Akwai mararraba: hanyar bakin gulbi ta fi gonaki, amma can katin ambaliya yake, hanyar tudu ba ta da albarka sosai, sai dai ita ke kai ka rumbunka da sauri. Wanda ya riga tara buhu goma a rumbu ya ci. Gaskiya wasan ya yi daɗi, ko maƙiyin Malam Hodi zai faɗi haka.

Shekara uku yana yin sa da matarsa Sauda kowace la'asar a tsakar gida. Ita ta jefa dayis, shi ya ƙirga mata, ya gaya mata dalilin gidan da ta sauka da tarihinsa. Kullum shi ke ci. Ita kuwa ta yi dariya ta tashi ta duba tukunya.

Da bikin kamun kifi na Argungu ya matso, ya kama rumfar da zai sayar da wasan, ya ɗauki kwalinsa sai shagon Foluke, mai injin ɗab'i kusa da kasuwa. Bayarabiya ce haihuwar Birnin Kebbi, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari kauri. Akwati ɗari biyu yake so, kowanne da takardar ƙa'idoji a ciki. Ya miƙa mata takardar, shafi goma sha ɗaya, na farko da na biyu duk tarihin noman shinkafa ne a kwarin Rima.

Foluke ta karanta ta ɗago. "Baba, sau guda ni ka buga wagga takarda. In ta hita da gyara, haka za ta shiga akwati ɗari biyu, kuma kai ba ka shiga akwatin tare da ita. Wanda yas saye shi yat tahi Yauri, wa zai tambaya?"

"Ɗiyata, an gwada ta. Maƙwabtana huɗu sun yi wasan, ko tambaya guda ba a yi ba."

"Kana wurin?"

"To ina zan kasance?"

Ta ce sai an ba mutanen da ba su san wasan ba, ba su san shi ba, a ajiye musu akwati a ja baya. Ran Malam Hodi ya ɓaci, don a ganinsa yarinyar da ba ta san ranar dashe ba ce ke koya masa bayani. Amma mako uku ya rage, kuma injin nata ne.

Ran Asabar suka shiga mota zuwa Argungu, shagon ɗinki na Zuhura, ƙawar Foluke. An zaunar da shi kan benci a lungu a matsayin dattijon da ya zo jiran rigarsa, da sharaɗi ɗaya: ko me ya gani kada ya buɗe baki. Zuhura ta tara mijinta Faruk da mata biyu masu yi mata ɗinki, Foluke ta ajiye akwati ta ce wani ne ya kawo mata, su gwada.

A nan Malam Hodi ya ji tambayoyin da shekara talatin da biyar ba a yi masa ba. Sun fi minti ashirin Faruk na karatu da ƙarfi ba a taɓa dayis ba.

"Wai mi aka nema cikin wasan ga?" in ji Zuhura. Amsar tana shafi na goma sha ɗaya.

"An ce babba ka hwarawa," in ji Faruk. Matan biyu suka dubi juna, kowace ta ce ɗayar ce yaya, har aka fara lissafin shekarar aure.

"Nan an ce ɗa, nan manomi, nan kuma jaki. Ina jakunan? Ko sun hwaɗi hanya?" Suka zazzage akwati suna neman jaki. Abu ɗaya ne Malam Hodi ya yi wa suna uku, don a makaranta an koya musu maimaita kalma rashin iya rubutu ne.

Ya ciji leɓe, ya sauya zama, ya yi tari. Da aka samu aka fara, rabinsu suka zagaya ta dama, rabi ta hagu. Sai Zuhura ta ja katin ambaliya, Faruk ya sa hannu ya kwashe mata buhuna duka, har na cikin rumbu.

"Wanda yar rubuta wanga abu dai bai son mutane," in ji ta.

Malam Hodi bai san lokacin da ya miƙe ba. "Haba! Ambaliya ta taɓa hawa tudu? Na hannu kaɗai taka ɗauka, na rumbu sun tsira! Ga shi nan shafi na tara, ni nar rubuta shi!" Ya ɗora da bayani, ya yi minti goma cur, hannu na sama. Da ya tsaya shan iska sai bakin ya yi abin da ya saba.

"Akwai tambaya?"

Mutanen da yanzun nan suke gardama kamar za su fasa benci suka sunkuyar da kai, Zuhura ta gyara mayafi, kunya ta rufe ta.

"Mun gane, Baba," suka ce.

Ya san muryar nan. Ita ce ta Zauro, sak, har da yadda ake jan ƙarshenta. Yana tsaye ya ga manomin Faruk a allo kan hanyar da ba tasa ba, kuma ba wanda ya yi niyyar gyarawa. Abin ya soke shi ƙwarai. A mota har suka iso Birnin Kebbi yana ta juya shafukan takardarsa.

Washegari ya zauna ya fara yanka. Tarihin shinkafa ya fara tafiya, kuma ya ji zafinsa kamar cire haƙori. Abin da ake nema ya dawo layin farko. Bayansa kayan da ke cikin akwati da adadinsu, sai yadda ake shimfiɗa allo, da zane. Jaki da ɗa suka mutu, manomi ya rage. Aka bar maganar babba, kowa ya jefa dayis, mai lamba mafi yawa ya fara, in an yi daidai su sake. Foluke ta zana kibiyoyi a allon don kada a sake rabuwa hanya. Zancen rumbu ya baro shafi na tara ya zauna ƙarƙashin katin ambaliya, wurin da mutum zai buƙace shi. Ga yadda tsakiyar takardar ta koma:

"In layi ya zo kanka: jefa dayis, ka tura manominka yawan gidajen da ya nuna, ka bi kibiya. In ka sauka gidan gona, ɗauki buhu ɗaya a hannu. In ka sauka gidan kati, ja na sama ka yi abin da ya ce. A mararraba kai ke zaɓen hanya, gulbi ko tudu. In ka iso rumbunka ko ka wuce shi, zuba duk buhunan hannunka."

Sau uku aka sake gwaji, kowane karo da sababbin mutane, don wanda ya taɓa yi ya riga ya lalace, ya san amsar da takarda ba ta ba shi ba. Malam Hodi ya koma zama bayan labule da biro. Karon farko tambaya tara ya rubuta, na biyu huɗu, na uku guda ɗaya: layin mararraba bai fita ba. Ya gyara shi. Shafi goma sha ɗaya ya zama takarda guda, gaba da baya.

Sai lokaci ya ƙure. Foluke ta ce gobe da safe injin zai tashi, kuma ba ta son buga layin da ba a gwada ba, amma duk wanda suka sani sun riga sun gwada wasan da shi. Malam Hodi ya dawo gida da la'asar a gajiye, ya ajiye takardar kan tabarma ya shiga alwala.

Da ya fito ya tarar da Sauda ta sa tabarau tana bin layi da yatsa, a hankali, irin karatun ajin manya. Ta kai ƙarshe, ta juya baya, ta gama. Sannan ta jawo kwalin, ta shimfiɗa shi da kanta, ta miƙa masa dayis.

Ya buɗe baki zai ƙirga mata jifar farko, sai ya tuna benci na Argungu, ya haɗiye. Ta tara buhu huɗu, ta iso mararraba, ta ɗan duba takardar, ta karya ta hau tudu. Shekara uku bai taɓa ganin manominta a hanyar tudu ba. Bakin gulbi ya nuna mata ranar farko, nan take bi kullum, ambaliya na wanke ta. Kafin kiran magariba ta zuba buhu na goma a rumbu, shi yana da shida.

"Ashe ni ka zaɓen hanya," in ji ta. "Ni ina cewa tudu na mai gida na."

"Shekara ukku, Sauda? Mi hana ki tambaya?"

Ta cire tabarau ta dube shi, ba da faɗa ba. "Malam, kai ba ka tsayawa sai ka ce akwai tambaya. Sannan kuwa tukunyata ta kusa ƙonewa."

Ya daɗe yana kallon allon. Kunya ta kama shi, da wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba. Ya ɗauko waya ya kira Foluke.

"Ɗiyata, buga. An gwada."

"Da wa, Baba? Na ce maka wanda bai san wasan ba."

"Shi nas samu," in ji shi, ya kashe waya.

Sauda ta riga ta mayar da buhuna tsakiyar allo. Ta jefa dayis, ya nuna biyar, hannun Malam Hodi ya miƙe da kansa zai tura mata. Ta ɗan buge shi da takardar.

"Bar mani manomina," ta ce.