Takardar Garanti da Shaddar Sallah

Shekara ta biyu da rasuwar mahaifinmu, ni da yayana muka shigo da kwantenar shadda ta farko da sunan kamfanin da muka yi wa rajista. Magazarmu, wato ma'ajiyar kayanmu, tana Adjamé, a wani lungu bayan Bracodi inda mota ba ta shiga sai da gardama. Yaya shi ke ciniki, ni kuma aka bar mini takardu, don a Abidjan aka haife ni, Faransanci ya fi zama a bakina.

Rabin kayan wani dattijo ne zai ɗauka, aminin mahaifinmu, mai shaguna a kasuwar Treichville. Baba muke ce masa. An yi kwantiragi cewa zai biya miliyan arba'in na sefa kwana casa'in bayan ya karɓi kaya. Shi da bakinsa ya ce zai kawo garantin banki, wato takardar da bankinsa zai ɗauki alkawarin biyanmu idan shi ya kasa. Ya ce rai ba a hannunsa yake ba, ba ya so mu zo muna ja da magadansa.

Sai kayan suka maƙale a tashar jirgin ruwa mako uku. Ranar Alhamis da suka iso, Babbar Sallah saura kwana ashirin, direban Baba ya kawo ambulan, babbar motar ɗaukar kaya kuma ta toshe bakin lungu. Masu taksi suna ta danna oda. Yaya ya miƙo mini ambulan ɗin yana cewa, "Duba da sauri, a fara lodi."

A tsaye na fara karantawa. Kuɗin daidai ne, lamba da haruffa sun yi baki ɗaya, miliyan arba'in kamar yadda yake a kwantiragi. Na sauka layi na gaba, inda aka rubuta wanda banki zai biya, sai na ga sunan mahaifinmu. Na daɗe ban ga sunan nan a sabuwar takarda ba. Na ja kujera na zauna.

"Yaya, kada a ɗora ko dila ɗaya."

"Me kuma ya faru?"

"Sunan mahaifinmu marigayi aka sa. Kamfani ne ya sa hannu a kwantiragi. In muka je neman kuɗi, banki zai ce ba da mu ya yi alkawari ba."

Ya ce wannan ai gyaran biro ne. Ni kuwa idona ya riga ya kai kan ranar ƙarewar garantin. Na ɗauko kalanda na ƙirga da yatsa, na sake ƙirgawa. An lissafa kwana casa'in daga ranar sa hannu, ba daga ranar karɓar kaya ba. Garantin zai mutu mako uku kafin ranar biya ta zo. Kafin mu sami ikon cewa ba a biya mu ba, takardar ta zama ta ƙunsa gyaɗa.

A shafi na biyu akwai wata jimla da sai da na karanta sau uku. Banki zai biya idan muka nema a rubuce, tare da takardar da mai saye ya sa wa hannu yana amsa cewa bai biya ba. Kwantiragi kuwa cewa ya yi garantin da za a biya da zarar mun nema a rubuce mun faɗi cewa ba a biya mu ba.

Yaya ya yi ta kai da komo tsakanin ƙofa da tebur. Ya ce mutumin nan shi ya yi wa mahaifinmu wankan gawa, da wane baki za a ce masa takardarsa ba ta yi ba? Ya ce kowace rana ta wuce, teloli suna sayen shaddar wasu. Na ce duk na sani. Daga ƙarshe ya sallami motar, ya ce, "To ke za ki je ki faɗa masa. Ni ba zan iya ba."

Na tari taksi. Cunkoso ya riƙe mu kafin gadar da ake hayewa zuwa Treichville, zafi ya cika motar, na yi ta fito da takardar daga jaka ina mayarwa, ko Allah zai sa ni ce na karanta ba daidai ba. Na shirya magana kala biyar, duk suka watse kafin mu sauka Treichville.

Na tarar da Baba a cikin shago, direba ya riga ya yi masa waya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce.

"'Yata, an ce kin hana kaya fita."

"Baba, ba kai na hana ba. Takardar ce ba ta yi aikin da ka so ta yi ba."

"Shekara talatin muna ciniki da ubanki, ko tawada ba mu taɓa ɓatawa ba."

"Haka ne, Baba. Kai ka ce a yi garanti saboda halin rai. Nan kuwa an rubuta sai ka sa hannu kafin a biya mu. In ta Allah ta kasance, wa zai sa hannun?"

Da na faɗa sai na ji kamar in nutse. Ya sa gilashi ya ce in nuna masa wurin. Na bi layukan da yatsa ina mayar masa da Hausa. Da muka zo kan sunan, ya ce shi ya faɗa wa ma'aikacin bankin haka, bakinsa ne ya saba. Ranar ƙarewar ma shi ya bayar, lokacin ba a san kaya za su maƙale ba. Jimlar sa hannun kuwa bai ma san da ita ba.

Washegari muka tafi bankinsa tare, don shi ya nemi garantin, shi kaɗai zai iya neman a gyara. Na kai kwafin kwantiragi da takardar rajistar kamfani. Na roƙi a cire sharaɗin sa hannun, a sa sunan kamfani harafi da harafi, a kai ranar ƙarewa wata guda bayan ranar biya don mu sami sararin kai buƙata. Matar da ta karɓe mu ta ce sai na sama sun amince, kuma ƙarin kwanakin zai ƙara wa Baba kuɗin kamasho. Baba ya sa hannu.

Kwana takwas muka jira. Kullum da safe sai na buga wa matar waya, har ta haddace lambata. Yaya ya daina cin abincin rana tare da ni. Dilolin suna jibge har rufi, ina wucewa ta gefensu ina jin ƙamshin sabuwar shadda. Da takardar gyaran ta fito, na karanta ta a bakin kanta kafin in karɓa, sannan na kai bankinmu suka tuntuɓi nasa suka tabbatar daga can ta fito. Sai a ranar aka yi lodi.

Baba ya rasa kasuwar makon da ya fi kowane ciniki, wasu diloli suka kwana masa har bayan Sallah. Duk da haka ya biya saura kwana biyu wa'adi ya cika. Na mayar wa bankinsa asalin garantin da wasiƙar cewa ba mu da sauran buƙata. Ya ci gaba da sayen kaya a wurinmu, amma kusan shekara guda in ya zo Adjamé da Yaya kawai yake zama, ni sai dai ya amsa gaisuwata daga bakin ƙofa.