Jimla Mai Kalma Uku

A shekarar da masu gudun hijira daga arewacin jiharmu suka cika Jimeta, ina koyar da Hausa a wata sakandare kusa da Karewa. Ajina na mutum arba'in ya koma kusan ninki biyu, wasu a kan benci, wasu a bakin taga. Cikin baƙin akwai wata yarinya doguwa, Kirista, mai zama can baya. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace. "Malama, ka ba ni alli," haka take ce mini, 'yan aji su yi ta dariya. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na sa ta a layin waɗanda za su faɗi jarrabawa.

Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, ni na tsara tambayoyin nahawu. Ta biyar ita ce mai sauƙin, na sa ta ne don kowa ya samu maki biyu: "Nuna lamirin lokaci a wannan jimla, ka faɗi wane lokaci ne: Baba ya dawo." Amsar da na tanada ita ce "ya", shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi ina duba takardu a ofishin malamai, na iso ta yarinyar nan. Wasu layi ɗaya suka rubuta, ita kuwa ta ci rabin shafi. Har na ɗaga jan biro, sai na tsaya na karanta. Ta ce lamirin yana jikin "ya", amma ba ta san wanne nake nufi ba tunda ba ta ji bakina ba. In an ja shi, murya a sama, to Baba yana gida, aiki ya shuɗe. In an ja shi murya ta gangaro, bai zo ba tukuna, ana dai sa rai, lokaci mai zuwa na biyu ke nan. In kuma an datse shi, murya a ƙasa, umarni ne ko roƙo, ana so ya dawo.

Na faɗi jimlar da bakina sau uku, ni kaɗai a ofis. Da harshen nan na buɗi baki, na yi digiri a kansa, na koyar da waɗannan lokuta ɗaya bayan ɗaya, amma ban taɓa jin su a tare cikin haruffa biyu ba.

Na hau keke-napep na tafi Wuro Hausa wurin shugaban sashenmu, dattijon da muke kira Modibbo. Ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa yana motsa leɓe.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Baƙuwar nan mai ce mini 'kai', Modibbo."

Ya sake duba takardar. Can ya ce, "Saura ɗaya. Datse shi, amma murya a sama. Baba ya dawo, wato shi ne ya dawo, ba wani ba. Shuɗaɗɗe na biyu." Ya cire tabarau ya goge ido. "Huɗu ke nan. Ikon Allah! Ba ta makinta. Tambayarki ce gurguwa."

Ranar Litinin na kira ta. Ta zo, ta zaci laifi ta yi. Na tambaye ta wa ya koya mata.

"Kai ne, Malama. Kuma a yarenmu haka ne, in murya ya canza, magana ya canza. Ni da kunne na koyi Hausa."

Na ce to me ya sa ta ɓata lokaci haka a tambaya mai maki biyu. Ta sunkuyar da kai. Ashe ranar da suka gudu, mahaifinta ya koma kwance awaki, wata huɗu ba labarinsa. Ta ce da ta ga jimlar sai ta kasa wucewa, ta yi ta faɗinta a zuci ta kowace hanya.

Na miƙa mata takardarta, na ce ta karanta wa 'yan aji amsar. Ta karanta, muryarta tana hawa tana sauka, 'ya'yan Hausawan unguwar Makama suna maimaitawa a hankali, suna kallon juna. Ba wanda ya yi dariya.

Mahaifin nata ya ɓullo ta Kamaru bayan damina, a rame, da ciwon ƙafa. Suka koma garinsu kafin ta gama makaranta. Na ji an ce yanzu aikin jinya take yi. Ni kuwa har yau ina aji, kuma ba na miƙa wa mai buga takarda tambaya sai na tsaya a baranda na karanta ta da ƙarfi.