Littafin Auduga a Tagar Mota

Hutun ƙarshen shekara na koma Malumfashi da aiki a kaina. Malaminmu na darasin hanyoyin bincike ya ce kowa ya jera littattafan da ya karanta kan batunsa bisa haruffan sunayen marubuta, ƙarƙashin kowanne ya taƙaita abin da ke ciki, sannan ya auna ingancinsa. Nawa batun noman auduga ne.

Akwai wani littafi kan auduga da nake ƙauna. Ina kwance ƙarƙashin mangwaron gidanmu ina karanta wa Baba, gonakin cikinsa farare fat kamar gajimare ya sauko ya kwanta. Na riga na rubuta a kati cewa ba shi da aibi.

Baba ya saurara ido a lumshe, sai ya ce, "Wa ya faɗa masa?"

Na juya baya ina neman hanyar da marubucin ya bi. Bai ambaci manomi ko ɗaya da ya tambaya ba, rahotannin ofis kawai ya tattara.

"To, ta tagar mota ya gan mu," in ji Baba.

Haushi ya kama ni, amma na yaga katin. Jimlar Baba na rubuta a gurbinsa, ita kaɗai malamin ya ja wa layin yabo da na miƙa aikin.