Muryar Tsohon Direba

A cibiyar binciken ana ce mata Mai Kunne. Ɗakinta na ƙarshen baranda, ba taga, daga ita sai kwamfuta da abin sawa a kunne. Masu bincike su fita su yi hira da mutane, su naɗi muryoyinsu su kawo mata, ita kuma ta ɓatar da sawun masu maganar. Gaisuwa ma sai ranar da aiki ya makara ake tuna ta.

Aikinta ba na gaggawa ba ne. Inda aka ambaci suna ko unguwa, sai ta cire, ta sa ɗan sauti mai taushi daidai tsawon kalmar, don kada zance ya karye. Murya kuwa, ɗan sauya amonta kawai ba ya wadatarwa, mai wayo zai iya mayar da ita. Sai ta sauya har da kaurinta, a hankali, don in ta zarce, mutum ya koma kamar kwaɗo. In shugabar bincike ta saurara ta amince, sai a goge na asali, kamar yadda aka yi wa masu hirar alkawari.

A cikin duk muryoyin, ta wani tsohon direba ce ta zauna mata. Hira ce kan zaman kaɗaici, abin da ita ma ta sani sarai. Yana da wata dariya mai shaƙewa, wadda dole ta cire, don ko kurma zai gane shi da ita. Ta ji zafin hakan ƙwarai.

Bayan an goge na asalin, wata mata ta zo. 'Yarsa ce. Ya rasu, kuma ba ta da muryarsa ko a waya. Shugaba ta tausaya, ta ce a kunna mata abin da ya rage.

Mai Kunne ta sa mata abin a kunne da hannunta. Matar ta saurara, ta daɗe, sannan ta cire.

"Anti, ko dai kin yi kuskure? Wannan ba Baba ba ne."

"Shi ne, ƙanwata."

"Labarin nasa ne. Amma wallahi ban san mutumin nan ba. Ina dariyarsa?"

"Na cire."

"Ba inda kika ajiye?"

"Babu."

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ma yi godiya, ta tafi.

Da yamma shugaba ta leƙo, tana ta yabo, wai tunda 'yar cikinsa ba ta gane shi ba, ai aiki ya yi. Mai Kunne ta ce madalla. Da shugaba ta tafi, sai ta ja ƙofa, ta gwada yin dariyar tsohon da bakinta, ko za ta iya kiran matar ta yi mata. Ta gwada sau da yawa. Ba ta fito daidai ba.