Ɗakin Pak Sukirman Ya Gajarce

Pak Sukirman, dogon masunci a birnin Semarang na bakin teku, ya ƙi komawa benen da gwamnati ta gina wa 'yan unguwarsu saboda ya yi nisa da kwalekwalensa. Teku na hauhawa, ƙasar unguwar na nutsewa. Duk sanda hukuma ta ƙara wa titi tudu, ruwa sai ya gangaro ɗakinsa, shi kuma ya ƙara ciko a daɓe. Rufin kuwa yana inda yake.

Bana a duƙe yake yawo cikin gida. Matarsa Tumini, gajeriya, tana tafiyarta a miƙe. A can, Pak ake kiran maigida, uwargida kuma Bu.

"Pak, tun aurenmu ba ka taɓa rusuna mini haka ba," in ji ta.

"Bu, ƙyale ni, bayana zai karye!"

Ran da fanka ta aske masa tsakiyar kai, ya tara maƙwabta suka ɗaga rufin.